Yadda ake gwada gaskiyar sikelin awon kitse da tsarin sassa huɗu

Sikelin da mutum zai hau ba takalmi, ya riƙe hannuwa biyu na ƙarfe, sannan allo ya nuna masa cewa kashi 19.4 cikin ɗari na jikinsa kitse ne, bai auna kitse ba ko kaɗan. Abin da ya auna shi ne turjiyar da jiki ya yi wa ɗan raunanan lantarki da aka bi da shi ta cikinsa, galibi a kan 50 kHz ko a kan matakai da yawa, sai ya haɗa wannan adadi da tsawo da nauyi da shekaru da jinsi a cikin wani lissafi da kamfanin ya ɓoye a cikin na'urar. Wannan hanya ita ake kira BIA, kuma da ita na'urorin Tanita da Omron da InBody da seca suke aiki. Tun da kintace ne na'urar take yi, dole a samu alƙalin da zai faɗi ko kintacen ya faɗa daidai, kuma alƙalin da masu wannan fanni suka fi yarda da shi a kan mutum mai rai shi ne tsarin sassa huɗu, wanda a rubuce-rubuce ake taƙaita shi da 4C. Wannan jagora za ta bi aikin gwada sikelin BIA guda ɗaya na tsaye, a kan manya masu lafiya, daga zaɓen mutane har zuwa yanke hukunci. Matakan ba za su canza sosai ba idan abin da ake gwadawa matsen awon fata ne ko kyamarar da ke zana surar jiki.

Dalilin da ya sa sassan suka zama huɗu

Tsohuwar hanya tana raba jiki gida biyu ne kawai, wato kitse da duk abin da ba kitse ba. Ana auna nauyin mutum da girman jikinsa, ma'ana yawan wurin da jikin ya cike a lita, sai a raba nauyi da girma a samu nauyin kowace lita. Kitse ba shi da nauyi sosai, lita ɗaya tasa tana kai kilo 0.9007, shi kuwa sauran jiki an ɗauka cewa litarsa kilo 1.100 ce. Daga nan William Siri ya fitar da sanannen lissafinsa na 1961, inda ake raba 495 da nauyin lita sannan a debe 450. Matsalar tana cikin kalmar "an ɗauka". Sauran jikin nan ba abu ɗaya ba ne: akwai ruwa mai nauyin kilo 0.9937 a lita, akwai furotin mai 1.34, akwai ma'adinan ƙashi masu 2.982. Adadin 1.100 yana tsayawa ne kawai idan waɗannan ukun sun gauraya a kan ƙa'ida guda, ruwa ya kai kusan kashi 73 cikin ɗari, ƙashi kuma bai yi yawa ko kaɗan ba. Yaro ƙarami ruwansa ya fi haka, tsohuwar da ƙashinta ya zaizaye ma'adinanta bai kai haka ba, mai kumburin ƙafa kuwa ba a ma magana. Binciken Schutte da abokan aikinsa na 1984 a kan baƙaƙen fata maza a Amurka ya ba da 1.113 maimakon 1.100, kuma ko da yake ba daidai ba ne a ɗauko wannan adadi a ɗora wa mutumin Kano ko na Damagaram ba tare da an auna ba, ya isa ya nuna cewa lamba guda ba ta game kowa.

Tsarin sassa huɗu yana kawar da wannan zato ta hanyar auna abubuwan biyu da suka fi sauyawa. Ruwan jiki ana auna shi kai tsaye, ma'adinan ƙashi ma haka, sai a bar kitse da furotin a matsayin abubuwa biyu da ba a sani ba, waɗanda nauyi da girman jiki za su warware. Saboda haka awo huɗu ake buƙata daga kayan aiki huɗu daban: sikeli mai kyau na awon nauyi, ɗakin awon girman jiki na Bod Pod ko kuma tankin awo a ƙarƙashin ruwa, ruwan diyuteriyom da ake sha don auna ruwan jiki, da na'urar DXA mai ɗaukar hoton jiki da raunanan hasken X-ray don auna ma'adinan ƙashi. Duk wanda ba shi da waɗannan a wuri ɗaya, ko a wuraren da za a iya zagayawa cikin safiya guda, bai shirya yin wannan aiki ba tukuna.

Mataki na farko: rubuta tambayar da iyakar kuskure kafin a taɓa kowa

Na fi son mai bincike ya zauna ya rubuta jimla biyu kafin ya kira mutum na farko. Ta farko ta faɗi su wa za a yi amfani da sikelin a kansu, kuma don me: ƙididdigar al'umma ce, ko ba wa mutum ɗaya shawara a asibiti, ko bibiyar raguwar kitse cikin wata uku? Ta biyu ta faɗi girman kuskuren da za a yafe, misali karkata, wato matsakaicin kuskure, da ba ta wuce maki ɗaya na kason kitse ba a kan rukuni, da saɓanin da bai wuce maki huɗu sama ko ƙasa ba a kan mutum ɗaya. Wanda bai rubuta wannan tun farko ba, in sakamako ya fito zai sami kansa yana faɗaɗa iyaka har ta ɗauki abin da ya samu.

Mutanen da za a auna su yi kama da waɗanda za su hau sikelin daga baya, maza da mata, matasa da dattawa, sirara da masu ƙiba. Ɗaliban jami'a ne suka fi sauƙin samu, amma hukuncin da aka yanke a kansu ba ya hawa kan mai shekara sittin. Yawansu kuwa akwai lissafin da ke taimakawa: rashin tabbas na iyakokin da za a fitar a ƙarshe yana raguwa ne daidai da tushen murabba'in 3 a raba da yawan mutane, don haka mutum ɗari suna ba da iyakokin da rawarsu ta kai rabin ta mutum ashirin da biyar. Mutum ɗari adadi ne da ya dace a fara da shi, in kuma ana son yin magana a kan maza daban mata daban, sai kowane ɓangare ya samu isasshen kaso. Mai juna biyu ba ta shiga saboda hasken DXA, ko da yake kaɗan ne, kuma wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya ba ya hawa BIA.

Mataki na biyu: safiyar awo

Dukkan awon a yi su a safiya ɗaya, mutum bai karya kumallo ba, bai yi motsa jiki mai tsanani ba tun jiya, kuma ya yi fitsari kafin a fara. Inda ake azumin Ramadan, ko lokacin zafin bazara da mutane ke isowa a galabaice, gara a ɗage aikin ko a rubuta yanayin a fili, domin bushewar jiki tana taɓa turjiyar da sikelin ke karantawa.

Tsarin da ya fi sauƙi shi ne a fara da ruwa, saboda shi ne mai cin lokaci. A ɗauki samfurin yawu na farko ta hanyar ba mutum auduga ya tauna har ta jiƙe, a matse ta da sirinji cikin ƙaramar kwalba mai murfi. Sannan a ba shi diyuteriyom, wanda ruwa ne mai ɗan nauyi da ba ya fitar da wani haske mai cutarwa. Ga babban mutum yawanci kimanin giram 30 ake bayarwa idan da FTIR, na'urar ɗakin gwaji mai auna yawan diyuteriyom a cikin yawu, za a karanta samfurin, kamar yadda hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, take koyarwa a ƙasashe da dama har da na Afirka. A auna abin da aka zuba a kwalbar da sikelin ɗakin gwaji, a rubuta ainihin adadin, kada a rubuta 30 alhali 29.87 aka zuba. Bayan ya shanye, a ɗauraye kwalbar da ruwan sha mililita 50 sau biyu ya shanye ɗaurayen. A rubuta lokaci. Samfuri na biyu da na uku za su zo bayan awa uku da awa huɗu, kuma a tsakani ba ci ba sha.

Cikin wannan jira ake yin sauran. A auna tsawo da nauyi, sannan mutum ya tsaya na ƴan mintuna kafin ya hau sikelin BIA, domin ruwan jiki yana gangarowa ƙafa idan aka tashi daga kwance ko zaune, kuma na'urar tsaye an tsara ta ne a kan mai tsayuwa. Saboda haka ne ya fi kyau a yi BIA kafin a kwantar da shi a kan DXA. A goge tafin ƙafa da na hannu, musamman mai kaushi ko faso, a cire zobe da agogo, a bi umarnin kamfani harafi da harafi, domin ana gwada na'urar ne a yadda aka ce a yi amfani da ita. A hau sau biyu, a sauka gaba ɗaya a tsakani. A rubuta samfurin na'urar da lambar manhajarta da yanayin da aka zaɓa, musamman ko an danna Athlete ko Standard, tun da kowanne lissafinsa daban ne. Idan na'urar tana nuna ɗanyen adadin turjiya, a kwafe shi, zai yi amfani daga baya.

Awon girman jiki, inda aka fi yin ɓarna

Zan daɗe a nan, domin a lissafin ƙarshe kowace lita ta girman jiki ana ninka ta da 2.748, don haka ƙaramin kuskure a nan yana girma fiye da na ko'ina. Bod Pod ɗaki ne mai kama da ƙwai da mutum ke zama a ciki, na'urar kuma tana gano yawan iskar da jikinsa ya kora ta hanyar sauyin matsin iska. Kafin kowane mutum ana daidaita ta sau biyu, da ɗakin babu komai da kuma da silinda mai kimanin lita 50 a ciki. Ɗakin da na'urar take ya zama mai tsayayyen yanayi, ba a buɗe ƙofa ana rufewa, fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ba ta hura ta kai tsaye.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne iskar da ke maƙale cikin tufafi da gashi da huhu ba ta matsuwa kamar sauran iskar ɗakin, ta fi ta saurin matsuwa, sai na'urar ta ga kamar mutumin bai kai girmansa ba. Girma ya ragu, nauyin lita ya ƙaru, kitse ya fito ƙasa da gaskiya. Shi ya sa ake sa kaya masu kama jiki irin na ninkaya da hular roba mai danne gashi. Gemu mai yawa ma yana riƙe iska, kitso mai kauri da ƙarin gashi haka nan, kuma ba zai yiwu a ce wa dattijo ya aske gemunsa don bincike ba, amma dole a rubuta shi a takarda. Ga mata, a tanadi ma'aikaciya mace da ɗaki mai sirri tun farko. In ba a yi haka ba za a ƙare da barin su shiga da kaya masu faɗi, kuma awon mata gaba ɗaya zai karkata gefe guda ba tare da an lura ba.

Na'urar tana ɗaukar awo biyu, in sun saɓa da fiye da mililita 150 sai ta nemi na uku. Daga nan a auna iskar huhu ta bututun numfashi, domin ana mayar da kashi 40 cikin ɗari na wannan iska cikin lissafi. Manhajar tana iya kintata iskar huhun daga tsawo da shekaru idan mutum ya kasa yin numfashin yadda ake so. A aikin yau da kullum wannan ba laifi, amma a aikin alƙalanci na fi son a auna, a kuma bayyana mutum nawa aka kintata wa. Kuskuren rabin lita a iskar huhu yana zama lita 0.2 a girman jiki, wato fiye da rabin kilo na kitse.

Nauyin da za a sa a lissafi shi ne wanda aka auna a daidai lokacin shiga Bod Pod, da kayan nan dai. A ce an auna nauyin mutum da ƙarfe bakwai, ya faki ido ya sha ledar ruwa ta rabin lita, sannan ya shiga ɗakin awo da ƙarfe tara, aka haɗa tsohon nauyi da sabon girma: an ƙara masa kilo 1.37 na kitsen da babu shi, kusan maki 1.7 a jikin mai kilo 80. Za a zargi sikelin BIA da wannan saɓani alhali laifin na alƙali ne.

DXA ba ta buƙatar dogon bayani. A yi mata gwajin safiya da tubalin kamfani, a cire duk wani ƙarfe, a kwantar da mutum cikin layin tebur, a ɗauki hoton jiki gaba ɗaya. Adadi ɗaya kawai ake buƙata daga takardarta, wato BMC, yawan ma'adinan ƙashi, na jiki duka. Kitsen da DXA ta bayar ba ya shiga wannan lissafi. A yi amfani da na'ura ɗaya ga kowa, domin na'urorin kamfanonin Hologic da GE Lunar ba sa ba da adadi iri ɗaya a kan mutum guda.

Mataki na uku: lissafin mutum ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

Ga misali na koyarwa. Namiji ne mai kilo 80.0, Bod Pod ta ba da lita 76.2, DXA ta ba da BMC kilo 3.00. An ba shi giram 30 na diyuteriyom, wato miligiram 30,000, kuma ƙarin da aka gani a yawunsa bisa samfurin farko miligiram 655 ne a kowane kilo. Samfurin awa uku da na awa huɗu sun yi kusa da juna, wanda ke nuna ruwan ya gama gauraya. Da sun yi nisa da an sake duba shi. Raba 30,000 da 655 ya ba da kilo 45.8. Wannan ya ɗan haura ruwan jiki na gaskiya da kimanin kashi 4 cikin ɗari, saboda wani ɓangare na diyuteriyom yana musanya gurbi da haidurojin ɗin da ke cikin furotin da makamantansa, don haka ake raba shi da 1.041, sai a samu kilo 44.0.

Akwai lissafin sassa huɗu fiye da ɗaya. Na Fuller da abokan aikinsa a Cambridge ya fito a 1992, na Wang da abokansa kuma a 2002, kuma sakamakonsu ba ya nisa da juna. A zaɓi ɗaya a tsaya a kansa, a faɗi sunansa. Ga na Wang:

```
Mo = BMC * 1.0436
FM = 2.748*BV - 0.699*TBW + 1.129*Mo - 2.051*BM
```

BV girman jiki ne a lita, TBW ruwan jiki, Mo ma'adinan ƙashi, BM nauyi, FM kuma kitse, duk a kilo. Ninkawa da 1.0436 ana yin ta ne domin abin da DXA ke bayarwa daidai yake da tokar ƙashi, wadda ta ɗan gaza ma'adinin ƙashi mai rai. Lissafin Fuller yana karɓar BMC kai tsaye, kuma na sha ganin an gauraya su biyun, an ninka inda bai kamata ba. Ga mutuminmu, Mo ya zama 3.131, sai lissafin ya zama 209.40 a debe 30.76, a ƙara 3.53, a debe 164.08. Amsa ita ce kilo 18.1 na kitse, wato kashi 22.6 cikin ɗari.

Yana da kyau a ga abin da tsoffin hanyoyi za su ce a kan wannan mutumin. Nauyin litarsa 1.0499 ne, lissafin Siri zai ba da kashi 21.5. Idan kuma ruwa kaɗai aka bi, aka raba 44.0 da 0.732 don samun nauyin sashen da ba kitse ba, aka debe shi daga nauyin jiki, za a samu kitse kashi 24.9. Hanyoyi biyu masu daraja sun saɓa da fiye da maki uku a kan jiki guda a safiya guda, kuma dalili shi ne ruwansa kashi 71.1 ne na sashen da ba kitse ba, nauyin litar sashen kuma 1.103, duk sun ɗan kauce wa abin da aka ɗauka. Da da ɗayansu aka gwada sikelin, da hukuncin ya dogara ga wadda aka zaɓa.

Waɗannan adadi biyu, kason ruwa da nauyin litar sashen da ba kitse ba, su ne kuma hanyar binciken alƙali kansa. A lissafa su ga kowane mutum. Babba mai lafiya da ruwansa ya fito kashi 64 ko 82, kusan kullum kuskuren aiki ne: ko bai shanye diyuteriyom duka ba, ko an musanya kwalaben yawu, ko murfi bai rufu ba samfurin ya sha iska, ko an shigar da BMC a giram maimakon kilo. A koma takardun asali a duba. Ba a cire mutum daga lissafi don kawai ya saɓa da sikelin, sai don an gano takamaiman kuskure, kuma a faɗi mutum nawa aka cire da dalilinsu.

A kuma maimaita dukkan awon a kan wasu ƴan mutane domin a san rawar alƙalin. A ce rawar girman jiki lita 0.1 ce, ta ruwa kilo 0.5, ta ƙashi kilo 0.05, ta nauyi kilo 0.02. In aka ninka kowacce da lambarta a lissafi za a samu 0.27 da 0.35 da 0.06 da 0.04, in kuma aka haɗa murabba'ansu aka ɗauki tushe sai a samu kimanin kilo 0.45, kusan maki 0.6 ga mai kilo 80. Saɓanin da bai kai wannan ba, ba a ɗora wa sikeli shi.

Mataki na huɗu: kwatanta sikelin da alƙali

Sikelin ya ce mutuminmu kashi 19.4 ne, alƙali ya ce 22.6, saɓani ya zama -3.2. A yi haka ga kowa, kullum na'ura a debe alƙali, domin alamar ta riƙa nufin abu ɗaya. Hanyar da ake bi ita ce wadda Bland da Altman suka bayyana a mujallar Lancet a 1986. Idan saɓanin yana layin D na Excel:

```
=AVERAGE(D2:D101)
=STDEV.S(D2:D101)
```

Na farko shi ne karkata, wato matsakaicin inda na'urar ta jirkice. Na biyu shi ne gwargwadon warwatsuwar saɓanin. Iyakokin jituwa su ne karkata, a ƙara kuma a debe warwatsuwa sau 1.96. Mu ɗauka, don ci gaba da misali, cewa karkata ta fito -1.5, warwatsuwa 3.2. Iyakokin za su kama daga -7.8 zuwa +4.8, ma'ana a cikin mutum ɗari, kusan casa'in da biyar saɓaninsu zai faɗa tsakanin nan. Mace da sikelin ya ce mata kashi 30, gaskiyarta tana iya zama ko'ina daga 25 zuwa 38.

A nan ne takardun talla suke yaudarar mai karatu, domin abin da suka fi nunawa shi ne lambar dangantaka r, kamar 0.9 da ɗoriya. Wannan lamba tana faɗin cewa mai ƙiba a wurin alƙali mai ƙiba ne a wurin na'ura, ba ta faɗin ko adadin ya yi daidai. Na'urar da ke rage wa kowa maki biyar cif za ta samu r cikakkiya, kuma idan aka tara sirara ƙwarai da masu ƙiba ƙwarai a rukuni guda, lambar tana hawa da kanta. Ƙaramar karkata ma ba ta wanke na'ura ba, tun da wanda aka ƙara wa shida da wanda aka rage wa shida suna share juna a matsakaici.

Sai a zana hoton: saɓani a tsaye, matsakaicin awon biyu a kwance. Abin da ake nema shi ne ko ɗigogin sun gangara. Sikelin BIA da yawa suna ƙara wa sirara kitse suna rage wa masu ƙiba, kuma idan haka ta faru, karkata guda ɗaya ba ta bayyana komai, sai an faɗe ta rukuni rukuni. A raba hoton tsakanin maza da mata. A duba kuma ko saɓanin yana tafiya da tsawon ƙafa, domin hannuwa da ƙafafu, da yake sirara ne, su ke ɗauke da mafi yawan turjiyar jiki, don haka mai dogayen gaɓoɓi na'ura tana iya ganin kamar tsokarsa ba ta kai ba idan an gina lissafinta a kan mutane masu wata ƙira daban. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa gwajin da aka yi a wata nahiya ba ya wadatar da mu. Ko na'urar seca mBCA, wadda Bosy-Westphal da abokan aikinta a Kiel suka gina lissafinta a kan tsarin sassa huɗu suka wallafa a 2013, sai da aka duba ta a kan ƙabilu daban-daban kafin a yi maganar kowa.

Akwai gwaji ɗaya da nake ganin bai kamata a tsallake ba. A gina ɗan lissafi daga tsawo da nauyi da shekaru da jinsi kawai, ba tare da lantarki ba, a ga yadda yake kintata kitsen alƙali. Idan sikelin bai fi wannan da wani abin kirki ba, to tef da sikelin nauyi na talaka sun yi aikinsa. Ma'aunin Timothy Lohman, wanda ake yawan komawa gare shi, yana ɗaukar kuskuren kintace na maki 2 a matsayin mafi kyau, 3.5 mai kyau, 5 kuma mara kyau. A misalinmu, haɗa karkata da warwatsuwa ya ba da jimillar kuskure ta kimanin 3.5.

Tarkuna biyu da hukuncin ƙarshe

Tarko na farko shi ne alƙalin da ya ci daga hannun wanda ake tuhuma. Akwai gajeren tsarin sassa huɗu da ya yaɗu a shekarun baya, inda ake ciro girman jiki daga DXA, ruwan jiki kuma daga BIA, domin a kauce wa jiran awa huɗu. Yana da amfaninsa a wasu wurare, amma ba a gwada na'urar BIA da shi, domin kuskuren turjiya zai shiga ɓangarorin biyu, su jitu da juna a kan ƙarya. Duk rahoton da ya ce an gwada da 4C, a fara duba daga ina ruwan ya fito.

Tarko na biyu shi ne gyaran lissafi. Idan sikelin ya karkata, ana iya amfani da ɗanyen turjiyar da aka kwafe a gina sabon lissafi na gida, galibi a kan murabba'in tsawo a raba da turjiya. Amma lissafin da aka gina a kan mutum ɗari dole ya yi kyau a kan waɗannan ɗarin, don haka a ware wani kaso tun farko, kamar ɗaya bisa uku, wanda ba a taɓa ba sai ranar gwaji.

Hukunci kuwa a koma ga jimloli biyun da aka rubuta a farko. Sikelin misalinmu ya karkata da maki 1.5 alhali an yarda da ɗaya, iyakokinsa kuma sun zarce huɗun da aka gindaya, saboda haka bai cancanci a gaya wa mutum ɗaya adadin kitsensa da shi ba, ko da yake zai iya yin aikin ƙididdigar rukuni idan aka gyara karkatar kuma hoton bai gangara ba. Tambayar ko zai iya bibiyar sauyi kuwa wannan aiki bai amsa ta ba. Tana buƙatar a dawo da mutanen nan bayan wata uku ko shida, a sake dukkan awon huɗu, a kwatanta raguwar da sikelin ya gani da wadda alƙali ya gani, domin a makonnin farko na rage ƙiba ruwa yana zuba da yawa, kuma na'urar da ta dogara da turjiya tana iya rubuta wannan ruwan a gurbin da ba nasa ba. A rahoton a rubuta samfurin na'urar da lambar manhajarta, domin idan kamfani ya sabunta lissafin da ke ciki, hukuncin ya tsaya a kan tsohuwar manhajar, sabuwar kuma sai an sake hawa da ita.